Ciniki ya faɗi a Afrilu: me zan rubuta wa manaja a ƙasan zanen?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina aiki a sashen ciniki na wani kamfanin sarin shinkafa a Birnin Kebbi. Zanen cinikinmu na 2025 ya nuna Naira miliyan 36 a Janairu, miliyan 42 a Fabrairu, miliyan 48 a Maris, sai miliyan 35 a Afrilu. Buhu mai kilo 50 muna sayar da shi dubu 80 har ƙarshen Maris, daga 1 ga Afrilu aka mai da shi dubu 70. A rahoton wata na rubuta: "Ciniki ya ragu sosai a Afrilu saboda yanayin kasuwa." Manaja ya ja layi da jan biro ya rubuta, "Wannan ai na gani da idona." Sakin layi ɗaya kawai yake so. Me zan rubuta?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Kada ka ji haushin jan biron nan, domin manajanka yana da gaskiya. Duk mai ido ya ga layi ya yi sama ya dawo ƙasa. Abin da zanen ba zai iya faɗa masa ba shi ne ko buhuna ne suka ƙi fita, ko kuwa kuɗin buhun ne ya ragu. Waɗannan ciwo biyu ne, kuma maganinsu ba ɗaya ba ne. Nan ne sakin layinka zai yi aikinsa.

Fara da auna faɗuwar. Daga miliyan 48 zuwa miliyan 35, gibin miliyan 13 ne. Raba 13 da 48, wato da watan da aka taso daga gare shi, za ka samu kashi 27 cikin ɗari. Na sha ganin ma'aikata suna raba wa da sabon watan, su samu kashi 37, su ɗaga wa oga hankali a banza. Idan a Excel kake aiki, kuma Maris yana B4, Afrilu yana B5, ga abin da za ka shigar, sannan ka danna alamar %, za ka ga -27%, alamar ragin tana nuna faɗuwa ce:

```
=(B5-B4)/B4
```

Da wannan, kalmar "sosai" ta fita daga rahotonka. Sosai ɗinka da sosai ɗin manaja ba lallai su zo ɗaya ba, amma kashi 27 kowa ya san nauyinsa.

Yanzu mu mai da kuɗin buhuna. Tunda farashi ɗaya kuke sayarwa, lissafin ba wuya: raba cinikin wata da kuɗin buhu. Janairu buhu 450 ke nan, Fabrairu 525, Maris 600, Afrilu kuma miliyan 35 a kan dubu 70, buhu 500. Ka gwada waɗannan da littafin sito kafin ka rubuta su, domin ragin da ake yi wa manyan diloli yakan sa su ɗan sha bamban. Amma dubi abin da ya fito. Afrilun da ya fi kowane wata ƙasa a zanen, ya fi Janairu fitar da kaya da buhu 50. A Naira ya zo na ƙarshe, a buhu ya zo na uku. Mai kallon zanen Naira kaɗai zai ce kasuwa ta mutu, alhali motoci sun fi yin lodi a ƙofar sitonku a Afrilu fiye da farkon shekara.

Sai ka raba gibin miliyan 13 ɗin gida biyu. Buhu 100 ne suka ragu tsakanin Maris da Afrilu. A tsohon farashi na dubu 80, miliyan 8 ke nan. Buhu 500 da kuka sayar kuma, kowanne kun sauke dubu 10 a kansa. Miliyan 5 ke nan. Takwas da biyar, sha uku cif. In lissafinka bai haɗu da gibin ba, akwai inda ka yi tuntuɓe, koma ka duba. Wannan rabon shi ne zuciyar sakin layin. Miliyan 5 ba laifin sashen ciniki ba ne, hukuncin farashi ne da aka yanke a sama. Miliyan 8 ɗin ce take neman bayani daga wurinka.

Bayanin kuwa ba shi da nisa, yana rataye a kalandar ofishinku. A 2025 an ɗauki azumi ranar 1 ga Maris, aka yi Ƙaramar Sallah ranar 30 ga Maris. Wato azumin gaba ɗaya, da sayayyar Sallah, da shinkafar da masu hali da ƙungiyoyi suke saya don rabo, duk sun faɗa cikin wata guda. Hawan da ka gani tun Fabrairu ma, mai yiwuwa 'yan kasuwa ne suke cika shagunansu kafin a ga wata. Saboda haka Maris shi ne watan da ya fita daban, ba Afrilu ba. Auna Afrilu da Maris kaɗai kamar auna cinikin mai rago ne na bayan Layya da na jajibere. Shi ya sa dole Janairu ya shiga sakin layin, don manaja ya ga yadda wata yake idan babu azumi a cikinsa.

Manajoji da yawa sukan ce a gwada da irin watan na bara, kuma a mafi yawan lokuta shawara ce mai kyau. A nan dai sai an yi hattara. A 2024 an fara azumi ranar 11 ga Maris, aka yi Sallah ranar 10 ga Afrilu, don haka Afrilun 2024 yana ɗauke da kwana tara na ƙarshen azumi, lokacin da sayayyar Sallah take kan ganiyarta. Afrilun 2025 ko kwana ɗaya bai samu ba. Azumi yana matsowa gaba da kwana 10 ko 11 kowace shekara, kalandar Bature kuwa tana nan inda take. In aka nemi ka kawo na bara, kawo shi, amma ka ƙara rabin jimla da ke nuna wannan bambancin.

Bari in ɗan tsaya a kan "saboda yanayin kasuwa", domin ni ma na taɓa cin wannan tuwon. Farkon aikina a wani kamfanin rarraba kaya, ciniki ya yi ƙasa wata ɗaya, na zauna na rubuta cewa damina ce ta hana diloli zuwa. Jimlar ta yi mini daɗi a kunne. Manajanmu, wani dattijo mai sa tabarau a ƙarshen hanci, bai ce komai ba. Ya aika aka kira mai sito da littafinsa, ya buɗe, ya ɗora yatsa a kan shafi: kwana biyar a jere an rubuta babu kaya, motarmu ta lalace a hanya. Dilolin sun zo, mu ne ba mu da abin ba su. Tun ranar ba na rubuta "saboda" sai na ga shaida a takarda. Abin da ban tabbatar ba, sai in ce "ina ganin" ko "da alama", in faɗi yadda zan bincika.

Kai ma kafin ka ɗora komai a kan azumi, buɗe littafin sito ka ga ko akwai ranar da kaya suka yanke a Afrilu. Sannan ka jera rasit ɗin diloli na watannin biyu gefe da gefe. In ragin ya bazu a kan kowa, kowa ya rage kaɗan, to lokaci ne ya juya. In kuwa dila ɗaya ko biyu ne suka ɗauke ƙafa gaba ɗaya, wannan ba azumi ba ne, wani ne ya janye muku abokin ciniki, kuma manaja zai so ya ji sunansa yau, ba wata mai zuwa ba. A Kebbi akwai wani abin lura kuma: shinkafar noman rani ta fadamun Argungu da kewaye takan fara shigowa kasuwa a wannan tsakanin, masu saye su samu wata mafita. Dalili ne mai yiwuwa, amma sai ka ji daga bakin dilolinka kafin ka sa shi a takarda.

Mu ɗauka ka duba, sito bai yanke ba, kuma buhu 70 daga cikin 100 ɗin daga dilolin Jega da Argungu suka ragu. Wannan misali ne nawa, ka sa abin da littafinka ya nuna. Ga yadda zan rubuta:

"Cinikin Afrilu ya tsaya a Naira miliyan 35, ƙasa da na Maris da miliyan 13, wato kashi 27 cikin ɗari. Miliyan 5 daga ciki sakamakon rage farashin buhu ne daga dubu 80 zuwa dubu 70. Sauran miliyan 8 kuma saboda buhunan da muka sayar sun ragu daga 600 zuwa 500. Maris ya haɗa azumi da sayayyar Sallah gaba ɗaya, don haka ba shi ne ma'auni ba: buhu 500 na Afrilu sun zarce 450 na Janairu. Buhu 70 daga cikin ragin na dilolin Jega da Argungu ne, da alama kayan da suka tara a Maris ba su ƙare ba. Zan tuntuɓe su cikin makon nan. Ina ba da shawarar a tsara kayan Mayu a kan buhu 500, a sake dubawa kafin Babbar Sallah a farkon Yuni."

Jimla bakwai ce, kuma ka lura da jerinsu. Ta farko ita ce wadda manaja zai iya karantawa a tsaye ya wuce taro. Ta ƙarshe ita ce wadda zai sa hannu a kanta ko ya ƙi. Ban lissafa watanni huɗun ɗaya bayan ɗaya ba, domin suna nan a zanen da ke sama. Fabrairu ma ban ambace shi ba, ba shi da aikin yi a wannan bayanin. In da Turanci kuke rubuta rahoto, juya shi a haka, jerin ba ya canzawa.

Akwai abu ɗaya da na bari a waje da gangan, wato riba. Zanen ciniki yana nuna abin da aka sayar ne, ba abin da ya rage bayan an cire uwar kuɗi ba. In buhunan da kuka sayar dubu 70 tsofaffin kaya ne da aka saro da tsada, raunin da ke cikin ribar zai iya fin wanda zanen ya nuna. Wannan lissafin akanta ne, kada ka yi masa shisshigi da ƙiyasi. In ka san haka ne ya faru, ƙara gajeriyar jimla a ƙarshe cewa tasirin sabon farashi a kan riba yana jiran alƙaluman sashen kuɗi, ka kuma leƙa ofishin akantan ka gaya masa ka rubuta haka, kafin takardar ta isa teburin manaja.