Saura Kwana Nawa Sallah?

"Kawu, yau Laraba 3 ga Zulhajji. Ni na ce saura kwana 7 Babbar Sallah, Yaya ya ce 8, ƙanwarmu kuma ta nace 6 ne. A al'ada wane lissafi ake bi?"

Ɗana, babu wanda ya kasa lissafi a cikinku, kowa dai da abin da ya ƙirga. Sallah ranar 10 ga wata ce. Yayanka ya ɗora yatsa kan yau ya ce ɗaya, ya bi har ya haɗa da ranar Idi, shi ya sa ya samu 8. Ƙanwarka ta ajiye yau don ta riga ta shigo, ta ajiye ranar Sallah don ita ake jira, sai Alhamis zuwa Talata suka rage mata, 6 ke nan. Kai kuwa ka cire 3 daga 10. Dubi hannunka: yatsu biyar ne, amma tsakaninsu huɗu.

Idan ana maganar jira, naka muka taso muka tarar manya suna yi. Dare ake ƙirgawa, wato sau nawa za ka kwanta ka tashi kafin ranar ta zo. In gardama ta sake tashi, ka kai su ranar jajibiri. Ran nan kowa ya san gobe Sallah, saura kwana ɗaya. Da lissafin yayanka sai a ce saura biyu, da na ƙanwarka kuma a ce babu saura, alhali ba a je Idi ba. Ka kuma lura, yau Laraba, Sallar ma Laraba za ta faɗo, mako guda cif.

Amma kada ka raina nasu. Wanda ya ɗauki hutu daga 9 zuwa 13 ga wata, ranaku 5 zai yi ba ya wurin aiki, domin ta farko da ta ƙarshe duk nasa ne. A nan in ka cire 9 daga 13 dole ka ƙara ɗaya, in ba haka ba ka ci kanka rana guda. Mai aikin da dole ya gama kafin Sallah kuwa, in yau ta riga ta yi yamma, cikakkun ranaku 6 ɗin ƙanwarka ne kaɗai a hannunsa, kuma gara ya tsara aikinsa a kansu.

Akwai wani wurin da ake yawan tuntuɓe. A lissafin Hijira kwanan wata da faɗuwar rana yake sauyawa, ba da sha biyun dare ba. Da an kira Magariba yau an shiga 4 ga wata, sai ka ji mai cire lamba ya ce saura 6, alhali har yanzu sau bakwai za a kwanta. Don haka in za ka yi alkawari da wani, faɗi ranar da sunanta: Laraba, 10 ga wata.

Ka gaishe min da mahaifiyarka.