Na ciri dirhami 2,000 a Dubai, jika 370 ta fita daga asusuna

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗan kasuwa ne a Maraɗi, ina sayar da kayan waya. Da na je Dubai na ciri dirhami 500 har sau huɗu da katina na Visa, kowane cira na'urar tana cewa za ta ɗauki dirhami 25. A lissafin da waya ta ba ni bai kamata ya wuce jika 327 ba, amma da na dawo sai na tarar wajen jika 370 ta fita. Cuta ta aka yi, ko haka abin yake?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Babu alamar sata a nan. Abin da ya fi cin kuɗinka shi ne rarraba cirar da ka yi gida huɗu, domin akwai ladar da ake biya a kan kowane cira, ko kuɗin kaɗan ne ko mai yawa. Bari mu bi kuɗin tun daga bakin na'ura har asusunka.

Farashin da waya ta nuna maka farashin tsakiyar kasuwa ne, wanda manyan bankuna ke cinikayya a kusa da shi, ba a sayar wa mai kati da shi. Sefarmu a ɗaure take da yuro tun 1999, yuro ɗaya sefa 655.957. Dirhami kuwa a ɗaure yake da dalar Amurka, dala ɗaya dirhami 3.6725. Ke nan duk ranar da dalar Amurka ta hau a kan yuro, dirhami ya yi maka tsada, ko da komai bai canza ba a Maraɗi ko a Dubai. A ranar da dalar take sefa 600, dirhami yana kamawa sefa 163 da 'yan kai, 2,000 kuma su ba da wajen 327,000. Daga nan lissafinka ya fito, kuma daidai yake, sai dai ba a sa ladar kowa a ciki ba tukuna.

Hannu na farko da ke taɓa kuɗin shi ne bankin da ya kafa na'urar. Dirhami 25 ɗin nan nasa ne. Abin da mutane ba su lura da shi ba, ana haɗa shi ne da kuɗin da ka cira kafin a yi canji. Wato a idon bankinka ba 500 ka cira ba, 525 ka cira, kuma a kan 525 za a lissafa duk abin da zai biyo baya. Hannu na biyu shi ne kamfanin katin, Visa ko Mastercard, wanda ke juya dirhami zuwa sefa da farashinsa na ranar. Yawanci yana kusa da na kasuwa, ɗan ƙari ne kawai, kuma kamfanonin biyu suna da wurin duba farashin kowace rana a shafinsu, kowa na iya gani. Hannu na uku, wanda ya fi nauyi, shi ne bankinka na gida. Bankuna da yawa suna ɗaukar kaso a kan kuɗin saboda an yi cirar a wajen yankin sefa, su ƙara da tsayayyen kuɗi na kowane cira, sannan haraji ya hau kan ladar tasu.

Kowane banki da tsarinsa, don haka zan yi aiki da adadi na misali, kai kuma ka musanya da na bankinka. Mu ce Visa ta juya dirhami a kan sefa 164, bankinka na ɗaukar kashi 3 cikin 100 da kuma sefa 3,000 kowane cira, haraji kuma kashi 18 cikin 100 na ladar. Dirhami 525 sau 164 ya ba da 86,100. Kashi 3 na wannan 2,583 ne, a haɗa da 3,000 ya zama 5,583, harajinsa kuma 1,005. Cira ɗaya ya tashi a kan 92,688. Sau huɗu, 370,752. Ka ga ya faɗo kusa da abin da ka tarar.

To da a ce sau ɗaya ka ciri 2,000 ɗin fa? Na'ura za ta ɗauki 25 ɗinta sau ɗaya tak, ya zama 2,025 sau 164, wato 332,100. Kason banki 9,963, tsayayyen kuɗi 3,000, haraji 2,333. Jimla 347,396. Dirhamin da ke aljihunka bai ƙaru ba bai ragu ba, amma an samu bambancin sama da jika 23. Wannan ribar caja nawa ce a shagonka? Kason nan na 3 cikin 100 ba ka da yadda za ka yi da shi, yana bin girman kuɗin ne. Amma dirhami 25 da sefa 3,000 suna bin yawan zuwanka gaban na'ura ne, kuma wannan a hannunka yake.

Hanyar da na fi amincewa da ita wajen gane gaskiyar tsadar ita ce ka raba duk abin da ya fita daga asusunka da kuɗin da ka riƙe a hannu. A cira huɗu, kowane dirhami ya zo maka a kan sefa 185. A cira ɗaya, a kan kusan 174. Wannan adadin ne za ka gwada da farashin 'yan canji, kuma shi ne za ka sa a lissafin kayan da ka sayo. Ɗan kasuwan da ya sa wa kayansa farashi da 163 alhali a 185 ya sayi dirhaminsa, yana iya kwashe wata yana ciniki yana murna, uwar kuɗi ce yake ci bai sani ba.

Akwai wani tarko da ba ka ambata ba, amma ina so ka san shi tun kafin tafiya ta gaba, don shi ma yana da cizo sosai. Wasu na'urori, da sun gane katin baƙo ne, sai su nuna maka jimlar da kuɗin katinka, su ce ga farashi tabbatacce, ka yarda su yi maka canjin nan take. Sunan abin DCC. Yana da daɗin gani, tunda mutum yana son ya san nawa zai biya da kuɗin da ya saba da shi. Amma idan ka yarda, ka karɓe canjin daga hannun Visa ka miƙa wa mai na'urar, shi kuma ya sa farashin da ya ga dama. Ƙarin kan kai kashi 5 ko 6 cikin 100, wani wuri ma ya wuce. A misalinmu, idan ya juya a kan 174 maimakon 164, kuɗin ya tashi daga 332,100 zuwa 352,350 tun bankinka bai sa hannu ba. Kar ka kuma ɗauka bankinka zai yafe nasa, tsayayyen kuɗin cira a waje yana nan, wani bankin ma har kason zai ɗauka. Idan allon ya nuna "Accept conversion", kar ka danna shi. Nemi "Decline conversion" ko "Continue without conversion", ko da an rubuta shi da ƙananan baƙaƙe a kusurwa, ko da na'urar ta sake tambayarka kamar mai yi maka gargaɗi. A Dubai ka zaɓi AED, a Saudiyya SAR, a Sin CNY, ko'ina dai kuɗin ƙasar da kake tsaye a cikinta. Haka ma a injin biyan kuɗi na otal da na kanti.

Kafin ka tashi, ka shiga reshen bankinka a nan Maraɗi ka nemi takardar farashin ayyukansu, wadda ake rubuta wa "Conditions de banque". Duba layin "retrait hors UEMOA" ko "retrait à l'international". Ka lura ko an rubuta HT ko TTC a gefen adadin: HT na nufin ba a sa haraji ba tukuna, TTC na nufin an haɗa da shi. A zaman nan ka tambayi iyakar abin da katinka ke iya cira a rana da a mako, ka roƙi a ɗaga maka idan ta yi ƙasa, domin shawarar cira sau ɗaya ba ta da amfani ga wanda katinsa ba ya wuce jika 150 a rana. Na'urori ma suna da tasu iyakar a kowane cira, kuma ba ɗaya ba ce daga banki zuwa banki. Idan wannan ta ƙi ba ka 2,000, gwada ta wani bankin kafin ka yarda ka raba. Na'urar da ke nuna ladarta tana ba ka damar fasawa ba tare da an cire maka komai ba.

Ka tabbata kuma akwai tambarin Visa ko Mastercard a jikin katin. Wanda ke ɗauke da alamar GIM-UEMOA kaɗai, aikinsa a cikin ƙasashe takwas na yankin sefarmu ne. Da shi za ka ciri kuɗi a Kwatano ko Lome babu maganar canji ko kaɗan, sai ladar cira, amma a Dubai na'ura za ta dawo maka da shi.

Wani lokaci na'ura kan yi ƙarar ƙirga kuɗi, ta ƙi fitar da komai, saƙo kuma ya shigo wayarka cewa an cire. Kar ka maimaita nan take, don kar a riƙe maka sau biyu. Karɓi rasit idan ya fito, ɗauki hoton na'urar da lambarta, rubuta rana da lokaci da adadin. Sau da yawa kuɗin kan dawo da kansa cikin 'yan kwanaki. Idan bai dawo ba, bankinka na gida za ka kai wa ƙorafi a rubuce, shi ne ke da hurumin bin kuɗin ta hannun Visa, kuma akwai wa'adi, kar ka bari sai bayan watanni. Saboda haka ne nake ba da shawarar a yi cira a na'urar da ke cikin reshen banki da rana, ba wadda ke tsaye ita kaɗai a bakin shago ba. Idan ta haɗiye kati, akwai wanda za ka yi wa magana.

Game da kuɗin sarin kaya kuwa, na'ura ba wurinsa ba ne. Ko a cira mafi sauƙi na misalinmu, sama da kashi 6 cikin 100 ya tafi a hanya, wato a miliyan biyar wajen jika 300. Katin ka bar shi ga masauki, abinci da mota. Kuɗin kaya ka zauna da bankinka a tura shi kai tsaye ga mai kayan bisa takardar ciniki, ka kuma sa su rubuta maka ladar turawar da farashin canjin da za su yi amfani da shi kafin ka sa hannu.

Yanzu ka nemi takardar bayanin asusunka ta watan tafiyar, ka jera cira huɗun, kowanne da ladar da ke ƙarƙashinsa. Raba babban adadin kowane cira, ban da ladar da ke ƙarƙashinsa, da 525, ka gwada abin da ya fito da farashin Visa na wannan ranar. Idan tazarar ba ta wuce kason da takardar bankinka ta faɗa ba, lissafinsu daidai ne. Idan ta wuce sosai a cira ɗaya kawai, mai yiwuwa a nan ka danna canjin na'ura, kuma rasit ɗin zai nuna. Idan kuwa ka ga cira biyar alhali huɗu ka yi, ka kai ƙorafi a ranar.