Miƙa sito da jigila ga kamfanin dakon kaya

"Ina sarin sabulu da taliya a Kasuwar Singa, ina tura su Gusau da Sakkwato. Ina so in ba wani kamfani ajiya da jigila. Me zan riƙe, me za mu rubuta a yarjejeniya?"

Alhaji, ba su aikin sito da mota, amma tsayar da farashi, karɓar kuɗi, hulɗa da kwastomomi da littafin ƙidayar kaya su zauna a hannunka. Yaronka ya riƙa shiga sitonsu duk wata yana ƙirge kaya, domin in lissafinsu kaɗai gare ka, ba ka da hujja ranar da kaya suka yi gibi.

A yarjejeniya, kada ka yarda da "za mu kai da wuri". A rubuta kwanaki, misali Sakkwato kwana 2 daga lodi, da abin da za a zabge musu in sun makara. Inda rigima ta fi tashi shi ne ɓata da lalacewa. A ce an loda katan 500, an sauke 492, uku kuma ruwa ya jiƙa su. Mai karɓa ya rubuta haka a takardar kaya kafin ya sa hannu, direba na tsaye. Sannan a fayyace tun farko: farashin sari za su biya ko na sayarwa, kuma cikin kwana nawa.