Me zan rubuta wa wanda zai ɗauko ni a filin jirgi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Zan dawo gida Kano daga Jidda, za mu canja jirgi a Addis Ababa. Kawuna ne zai ɗauko ni, layina na Najeriya kuma ya daɗe ba ya aiki. In ɗauki hoton tikitin in tura masa ta WhatsApp ya isa, ko akwai abin da ya kamata in rubuta?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Kada ki tura hoton tikitin. Zauna ki rubuta saƙo da hannunki, ki kuma rubuta shi kamar ba za ki sake samun damar magana da Kawu ba sai kun yi ido huɗu. Daga lokacin da aka rufe ƙofar jirgi har ki fito da kayanki, wayarki ba abin dogaro ba ce, don haka saƙon ne zai yi magana a madadinki.

Hoton tikiti yana da illa biyu. A jikinsa akwai wata lamba mai haruffa da alƙaluma shida, wadda ake rubuta wa PNR ko Booking reference. A shafukan kamfanonin jirage da yawa, wannan lambar da sunanki na ƙarshe sun isa a buɗe bayanan tafiyarki, a wasu ma har a canja rana ko kujera. Kawu ba zai yi haka ba, amma hoto in ya shiga zauren iyali na WhatsApp, babu wanda ya san inda zai kwana. Katin shiga jirgi ma haka yake, don zanen da ake haskawa da na'ura yana ɗauke da lambar. Illa ta biyu kuwa, tikitinki yana da jirage biyu da lokuta huɗu, kin ga kin bar dattijo da aikin zaɓe ke nan.

Lambar jirgin da za ki ba shi ita ce ta jirgin ƙarshe, wanda zai taso daga Addis ya sauka Kano. Na Jidda zuwa Addis ba ruwansa da shi. Lambar takan fara da harafi biyu na kamfani, sannan alƙaluma: ET na kamfanin Habasha ne, SV na Saudiyya, MS na Masar. Ki kwafe ta daidai yadda take, ki haɗa da kwanan wata, domin lamba ɗaya takan yi ta zirga-zirga a ranaku daban-daban na mako. Amfaninta shi ne duk wani yaro a gidan da ke da data zai iya rubuta ta a Google, ko a manhajar Flightradar24 ko FlightAware, ya ga ko jirgin ya tashi da kuma ƙarfe nawa ake sa ran saukarsa. A watannin hunturu, lokacin da hazo kan jinkirta jirage a Kano, wannan dubawar kafin a fito daga gida tana rage wa mutum zaman jiran gawon shanu.

A maganar lokaci ne aka fi yin tuntuɓe. Duk lokacin da aka rubuta a tikiti na garin da aka ambata ne. Na tashi agogon garin tashi ne, na sauka agogon garin sauka. Saudiyya da Habasha suna gaban Najeriya da awa biyu. A ce tikitin ya nuna tashi daga Addis 10:15, sauka Kano 13:00. Wanda bai sani ba zai ɗauka tafiyar awa biyu da minti arba'in da biyar ce, alhali awa huɗu ce da minti arba'in da biyar. Kuskuren da masu wayo kan yi shi ne su ce bari su cire awa biyu daga 13:00 don su maida shi agogon gida, sai su ce wa mai ɗauko su ƙarfe sha ɗaya. Kada ki cire komai, an riga an cire miki. Ki rubuta ƙarfe ɗaya na rana, ki ƙara da “agogon Najeriya” don a rufe ƙofar gardama. Idan kin ga +1 kusa da lokacin sauka, ma'anarsa washegari ne za ki isa, to ranar saukar za ki rubuta, da sunanta.

Agogon wayarki ma zai iya ruɗa ki. Muddin tana kan Airplane mode ko ba ta kama wani layi ba, za ta iya ci gaba da nuna lokacin Jidda ko da ƙafarki na ƙasar Kano. In kin ga ta ce uku alhali ɗaya ake, ba makara kuka yi ba.

Saukar jirgi kuma daban, fitowar mutum daban. Akwai layin jami'an shige da fice, akwai jiran akwati, akwai kwastam. Ni nakan ce a ƙara awa guda, in kaya sun yi yawa ma a ƙara da rabi. Ki faɗa masa lokacin saukar jirgin da na fitowarki duka biyun, ya zaɓi lokacin fitowarsa daga gida.

Filin Malam Aminu Kano yana da ɓangaren jiragen cikin gida da na ƙasashen waje, ke na wajen za ki fito. Da a ce Legas ko Abuja kika fara sauka kika hawo wani jirgin zuwa Kano, to da ɓangaren cikin gida ne, ko da daga Jidda kika taso. Wurin haɗuwa kuwa bar wa Kawu ya zaɓa, shi ne yake gari. Sharaɗin kawai ya zama abu ɗaya da ba ya motsi, kamar bakin ƙofar fitowar fasinjoji ta hannun dama, ba “a waje” ba. Ga yadda saƙon zai kasance, lambar da sa'o'in na misali ne:

“Salamu alaikum Kawu, barkanku da gida. In sha Allahu zan sauka Kano ranar Alhamis, 12 ga wata. Jirgin Habasha ne daga Addis Ababa, lamba ET 941. Zai sauka ƙarfe 1:00 na rana agogon Najeriya, ina sa ran fitowa wajen ƙarfe 2:00. Ɓangaren jiragen ƙasashen waje ne. Zan tsaya a bakin ƙofar fita, hannun dama, ina sanye da hijabi ruwan toka, da akwati biyu. Layina ba ya aiki, in kun kira ba ta shiga ba kada ku damu. Ba zan bar wurin ba sai na gan ku. Don Allah ku turo mini launin motar da lambarta, da lambar wani wanda za ku zo tare.”

Ki tura shi kwana ɗaya ko biyu kafin tafiya, kada ki bari sai kina kan layin shiga jirgi. Alama ɗaya a gefen saƙo tana nufin ya bar wayarki amma bai isa tasa ba, biyu na nufin ya isa. Ko sun zama shuɗi kada ki saki jiki sai ya amsa da bakinsa. Idan Kawu ya fi son saƙon murya, yi masa, amma rubutaccen ya kasance yana nan, don lambar jirgi ba ta kwafuwa daga murya. In wayarsa ƙarama ce marar WhatsApp, sa wani a gidan ya tura masa ta tes.

Mutuwar layinki ba ta hana WhatsApp ɗinki aiki matuƙar kin samu Wi-Fi, sai dai kada ki goge manhajar ko ki canja waya kafin tafiya, don sake shiga yana buƙatar lambar sirrin da za a turo wa wancan layin. A Addis, in kin samu intanet, ki aika layi ɗaya cewa jirgi yana kan lokaci ko an ɗage. Lambar Kawu kuma ki rubuta ta a takarda ki sa cikin fasfo, yadda ko caji ya ƙare za ki ari wayar wani fasinja ki kira shi.