Baƙo ya ce ƙara ta hana shi barci, yana neman kuɗinsa duka

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina da ɗan masauki mai ɗaki 12 a Zariya. Wani bawan Allah ya kwana biyu a ɗakin da ke kusa da janareta, kowane kwana naira 25,000. Bayan ya tafi sai ya turo saƙo ta WhatsApp wai ƙara ta hana shi barci, in mayar masa da kuɗinsa duka ko ya yaɗa ni a Facebook. Raina ya ɓaci. Me zan ce masa?

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Ki ajiye wayar tukuna har zuciya ta huce, amma kada rana ta faɗi ba ki amsa ba. Mutumin da aka yi wa shiru gani yake an raina shi, kuma a nan ne ƙaramar magana ke girma.

Kafin ki rubuta komai, ki kira yaron da ya kwana a wurin karɓar baƙi. Ƙarfe nawa aka ɗauke wuta, ƙarfe nawa aka tayar da inji? Baƙon ya sauko ya yi kuka cikin dare? In ya yi, me aka ce masa, kuma akwai ɗakin da babu kowa a lokacin? Ki duba littafin rajista da idonki, domin yaro mai tsoron faɗa kan rage magana. Amsar nan ita ce za ta yanke nawa za ki mayar.

A ce kin tarar daren farko akwai wuta har asuba, dare na biyu ne inji ya yi aiki tun ƙarfe 11. Baƙon ya sauko wajen ƙarfe ɗaya, yaron ya ce masa ya yi haƙuri, alhali ga ɗaki a can gaba a kulle babu kowa. To, Hajiya, kuɗin wannan daren ba naki ba ne. Barci mutumin ya saya, bai samu ba, ya faɗa kuma ba a share masa hawaye ba. Ki mayar da 25,000 cif. Na daren farko kuwa halalinki ne, ya kwana lafiya. Da an ba shi wani ɗaki ya ƙi, ko bai ce uffan ba sai da ya isa gida, rabin kuɗin dare guda ya wadatar, tunda bai ba ki damar gyarawa ba.

Doka ma haka ta auna. Sashe na 130 na dokar kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda FCCPC, hukumar tarayya mai kula da haƙƙin masu saye, ke aiki da ita, ya ba wanda aka yi wa aiki maras inganci damar neman a gyara, ko a mayar masa da wani kaso na kuɗinsa gwargwadon gazawar. Saboda haka kada ki fake da cewa ba ku mayar da kuɗi.

Ga yadda zan rubuta a madadinki:

"Assalamu alaikum, Alhaji. Na ga saƙonka, na kuma bincika. Gaskiya ne janareta ya yi aiki tun ƙarfe 11 a darenka na biyu, ka sauko ka yi magana ba a sauya maka ɗaki ba. Laifinmu ne, don Allah ka yi haƙuri. Zan mayar maka da naira 25,000, kuɗin wannan daren. Daren farko akwai wuta, ba a kunna inji ba, shi ya sa ban haɗa da shi ba. Ka turo lambar asusunka in tura yau. Allah ya huci zuciyarka."

Kin ga ban ce "in har mun ɓata maka rai" ba, don wannan "in har" ɗin ƙaryata shi ne a fakaice. Ban kuma ce ba wanda ya taɓa kuka da ɗakin ba. Maganar Facebook ma ban taɓa ta ba, kuma ina roƙonki kada ki taɓa. Da zarar kin ce "zan biya in ba ka rubuta ba", kin nuna masa inda ke miki ciwo, kuma hoton saƙonki zai ɗauka. Ki rubuta abin da ba za ki ji kunya ba in duk Zariya ta karanta.

In ya nace sai 50,000, ki maimaita matsayinki sau ɗaya cikin ladabi, ki tura kuɗin in ya ba da lamba, ki ajiye rasit, ki bar jayayya.

Shi kuma ɗakin nan, daren yau ki shiga ki rufe ƙofa a tayar da inji, ki kwanta a gadon minti goma. In ke ma ba ki iya jurewa ba, ki rage masa kuɗi, a riƙa faɗa wa baƙo tun kafin ya biya, kuma kada a ba da shi sai sauran ɗakunan sun cika.