Ƙirga numfashin yaro mai tari bisa ƙa'idar aiki

Tambaya: "'Yar'uwa, ina koyon aikin lafiyar al'umma a wani ƙauyen Hausawa kusa da Sinnar a ƙasar Sudan. Yaya zan bambance tarin mura da ciwon huhu?"

Ƙanena, ƙa'idar da aka ɗora a kan tsarin Hukumar Lafiya ta Duniya tana farawa ne da ƙirga numfashi na cikakken minti ɗaya, yaron kuma yana cikin natsuwa, domin kuka yana ɓata lissafi. Daga wata 2 zuwa wata 11, numfashi 50 ko fiye saurin numfashi ne. Daga shekara 1 zuwa ƙasa da 5 kuwa, 40 ne ma'auni.

A ce an kawo maka yarinya 'yar wata 18, ta kwana uku tana tari, ka ɗaga rigarta a cinyar mahaifiyarta ka ƙirga 46. Wannan ciwon huhu ne, kuma maganinsa amoksisilin sau biyu a rana, gwargwadon shekaru ko nauyi kamar yadda littafin ƙa'idarku ya tsara, har a cika kwanakin ko da ta warware. Amma idan ta kasa sha ko kama nono, ko tana amayar da komai, ko ta yi jijjiga, ko ba ta farkawa da sauƙi, ka ba ta kashin farko na magani ka tura ta asibiti nan take.