Manhajar fassara ta kusa raba ni da wadda nake so

Tambaya: "'Yan uwa, wadda nake nema Faransanci take ji, ni kuma Hausa. Na rubuta mata 'kin kwanta min a rai', na saka a manhajar fassara na tura, tun daga nan ta ja baya. Me ya faru, kuma ta yaya zan gane fassara ta yi daidai kafin in tura?"

Ɗan uwa, ina karanta tambayarka sai da gabana ya faɗi, don irin ramin da na taɓa afkawa ke nan. Ni tawa jimlar "jininmu ya haɗu" ce. Kowane Bahaushe ya san nufina: na gan ki, hankalina ya kwanta da ke. Abin da ya isa wayarta kuwa shi ne jinina da nata sun gauraya. Ta zaci ko na gano wata dangantaka ce a tsakaninmu, ko kuma wata cuta nake kewaye-kewayen faɗa mata. Ta yi shiru. Ni ina can ina duba waya dare da rana, ina ganin alamar ta karanta, babu amsa. Barci ya ƙaurace min, na dinga bin tsofaffin saƙonninmu ɗaya bayan ɗaya ina neman inda na ɓata mata. Har zargin ta na yi cewa ta samu wani, Allah Ya yafe min.

Abin da ya fi ƙona min rai, sai da na nuna wa wani abokina da ke cika bakin ya iya Faransanci kafin in tura. Na ba shi Hausar da fassarar tare, ya kalla sama-sama, ya ce "ya yi, tura kawai". Daga baya na gano bai wuce gaisuwa da ciniki ba a harshen, kunyar cewa bai sani ba ce ta hana shi faɗa min gaskiya. Da na tunkare shi sai ya yi dariya, wai ai kalmomin duk suna nan. Ya kuma je ya mayar da ni abin hira a cikin abokai. Har yau in na tuna da dariyar nan sai raina ya sosu. Muna gaisawa, amma ko takardar banza ba zan ƙara nuna masa ba.

Kuma ka lura, gaskiyarsa ce, kalmomin duk suna nan. Matsalar ke nan. Na'urar nan daga tarin rubuce-rubucen da mutane suka riga suka fassara take koyo, kuma abin da ke akwai na Hausa galibi labarai ne, da littattafan addini, da takardun hukuma. Hirar masoya ba ta da yawa a cikinsu, don ba kasafai ake fassara ta ba. To in ta gamu da "jini" da "haɗu", abin da ta saba gani a labarin asibiti shi za ta kawo. Ina kyautata zaton taka ma haka ta kasance: "kwanta" ta fita da ma'anarta ta shimfiɗa, kai kuwa ka san yadda mace mai kamun kai za ta ji in wanda ba su yi nisa ba ya ambaci kwanciya.

Ga wani abin kuma. Sau da yawa fassara tsakanin Hausa da wani harshe ta Ingilishi take bi, Ingilishi kuma "you" ɗaya gare shi, ba ka, ba ki, ba ku. Sai "ki" ɗinka ta ɓace a hanya, ta fito can a matsayin "vous", wadda ake faɗa wa baƙo ko shugaba a wurin aiki, maimakon "tu" ta kusanci. In ta rubuto maka kuma sai ka ga na'ura ta ce "ina son ki" alhali da kai ake. Wannan ma da sauƙi, ido yana kamawa. Wanda ido ba ya kamawa shi ne irin "je t'aime bien". Kallo ɗaya sai ka ce so ne da ƙari, amma a wurinsu "bien" ɗin rage zafin maganar take yi, kamar a ce kana burge ni a matsayin aboki. "Je t'aime" zalla, ba tare da "bien" ba, ita ce furucin soyayya. Mu kuma "so" ɗinmu ya ɗauke duka biyun, to in ta fito maka "ina son ka" ba ka san wanne aka faɗa ba.

Kada ka yarda da dabarar nan ta mayar da fassarar zuwa Hausa don ka gwada. Na yi, ta dawo min da "jininmu ya haɗu" cif, na ji daɗi. Kalma da kalma ta tafi, kalma da kalma ta dawo, kuskuren yana ɓoye a tsakiya.

Yanzu ga yadda nake yi. Sai na nemi wanda aka haifa cikin harshen, ba wanda ya koya a aji ba, kuma in da hali mace sa'arta daga ƙasarsu, don Faransancin wata ƙasa ba lallai ya zama na wata ba. Fassarar kaɗai nake ba ta, ba na nuna Hausar, ba na faɗin nufina. Wannan shi ne jigon abin, don da zarar mutum ya san abin da kake nufi, zai gan shi a cikin jimlar ko babu shi. Sai in ce: in wani ya turo miki wannan, me kika fahimta? Wa ke faɗa wa wa irin wannan magana, saurayi ne, ko yaya ne ga ƙanwarsa, ko ma'aikaci? Akwai abin dariya ko na rashin kunya a ciki? Kada ka tambaya "ya yi daidai?", kowa "eh" zai ce maka don ya rabu da kai. Bayan ta gama faɗin abin da ta ji, sannan in bayyana nufina, in ce ku yaya kuke faɗin wannan. Ƙanwar matar wani maƙwabcina ce ta yi min haka da jimlata, tana karantawa ta ɗago ta ce, "Yaya, lafiya kuwa? Gwajin jini kuka yi?" A nan na gane komai.

Ka cire sunanta da duk wani sirri kafin ka nuna wa kowa, jimlar da kake shakka kaɗai za ka ba da. Ka ga yadda nawa ya zama abin hira.

Kuma kafin ma ka kai ga na'ura, warware maganarka. Maimakon "kin kwanta min a rai" rubuta "ina son halinki, ina jin daɗin magana da ke". Na san ba ta da armashi, ni ma ina jin kamar an zare wa maganar gishiri, amma tana isa lafiya. Ka kula da haruffa masu lanƙwasa ma, "kishi" daban, "ƙishi" daban, mu muna ganewa daga zancen, ita na'ura ba kullum ba.

Batun wadda ta ja baya, kada ka ƙara tura mata dogon bayani ta manhajar nan, ƙara dagulawa za ka yi. Samu mai jin harshen ya rubuta maka jimla biyu: cewa karin maganar Hausa ce fassara ta ɓata, ga kuma ma'anarta. Ni da muryata na karanta nawa na tura, da gurɓataccen lafazina, ta kira ni a daren tana dariya. Ka yi yau, kada shirun ya daɗe.